Ranar Zubi da Sanda

Shekara ashirin da shida Kawu Mai Faci ya yi yana ba tayoyin mutane iska da famfon hannu, a ƙarƙashin rumfar kwano da ke kallon shagona na ɗinki. Dukiyarsa ke nan: famfo, bahon ruwan da yake tsoma tif ya ga inda ya huje, da baki. Bakin nan ya fi sauran kayan aiki. Rabin maganganun da ke rubuce a bayan manyan motocin da ke bin layinmu shi ya ba direbobi, kyauta, yana cikin kankare tif.

Abu ɗaya yake so a duniya, injin ba taya iska. Kafaɗarsa ta dama ta fara ƙi, har matarsa kan gasa masa ita da ruwan zafi kafin ya fito.

Saboda injin ya shiga adashinmu. Mu goma sha biyu ne, duk masu ƙananan sana'o'i. Kowane ƙarshen wata mu zuba, mutum ɗaya ya ɗauka ya ƙara jari. Aka yi ƙuri'a, Kawu ya buɗe takardarsa ya ga sha biyu. Ya ce ko a layin rabon mugun abu bai taɓa yin sa'ar zama na ƙarshe ba sai yau.

Wata shida lafiya lau. A na bakwai waɗanda suka riga suka ɗauka suka fara ciwo ranar zubi. Mai aski ya ce kasuwa ta mutu, alhali sabuwar kujerarsa har juyawa take yi. Mai walda kuwa kakarsa ta rasu, karo na biyu. Wanda ya ɗauka ba shi da asara idan adashi ya watse, na ƙarshe ne zai tashi a tutar babu.

Muka yi taro a shagona. Shugabanmu, mai kemis, ya ce abin da muka rasa shi ne take, irin wanda zai zaburar da mutane. Ya gyara tabarau ya karanto nasa: “Haɗin kai da juriya su ne ginshiƙin bunƙasar tattalin arziki.”

“Shugaba,” in ji Kawu, “kafin ka kai ƙarshen wannan ai mai walda ya binne kaka ta uku.”

“To kai kawo naka, Kawu.”

Ko tunani bai yi ba. “Ranar ɗauka da gudu, ranar zubi da sanda? Zuba naka, jarin ɗan'uwa ya tashi.”

Mai aski bai yi dariya ba, amma ya sha kaye a ƙuri'a. Aka rubuta taken da jan fenti a bangon shagona, aka buga shi a bayan katin zubi. Kawu bai tsaya nan ba. Ya samo wata tsohuwar sanda, duk wanda ya kwana biyu bai zuba ba sai ya je ya jingine masa ita a ƙofar shago, ya gaishe shi da jiki cikin ladabi, ya koma bakin aikinsa. Masu zuwa aski suka fara tambaya wa ya karye. Sandar ba ta taɓa wuni a ƙofa ɗaya ba, kafin yamma mai shagon ya kawo zubinsa.

Wata na sha biyu kuɗin Kawu suka cika cif. Ya sa rigar da na ɗinka masa ya tafi wurin mai sayar da injuna, ya dawo hannu rabbana. A shekarar da ya yi yana jira, farashin inji ya tashi da kusan rabi.

Da za a fara sabon zagaye ya roƙi a ba shi ɗaukar farko ya cika kuɗin injin, kafin farashin ya sake gudu. Ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba.

Shugaba ya yi gyaran murya. “Kawu, gaskiya ɗaya ce. Idan ka ɗauka da wuri, wa zai riƙa yawo da sandar? Adashin nan bai taɓa kai ƙarshe lafiya ba sai da kake na ƙarshe.”

“Wato ladan da zan samu ke nan, ɗan nan?”

Aka ce a ɗaga hannu, wa ya yarda Kawu ya zauna a sha biyu. Ni ina da keken ɗinki da nake so in sauya, kuma an riga an raɗa mini cewa nawa ne na biyu. Hannu goma suka tashi. Kawu bai dubi kowa ba sai ni.

Har yau ina jin kunyar abin. Na ɗaga nawa, amma ƙasa-ƙasa, kamar mai sosa kunne, sai Shugaba ya ƙirga da shi.