Yatsan Inna

A layin masu gyaran waya, in ka hau benen da ke saman shagon mai fotokwafi, akwai wani ɗaki da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Tebur ɗaya, kwamfuta mai fuska biyu, sai fanka da kukanta ya fi iskarta yawa. Nan Motsi take aiki. Ba sunanta na yanka ba ne, mawaƙa ne suka laƙaba mata, domin sana'arta ke nan: a kawo mata waƙa, ta rubuta baitocinta, ta sa rubutun ya yi ta motsi a bidiyo yana bin muryar mai waƙa. Sunan ya bi ta har gida, har mijinta ma in ya so tsokana haka yake kiranta.

Rubutu gadonta ne ta gefe biyu. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, mai rubuta allunan shaguna ne, tun tana shekara tara take riƙe masa gwangwanin fenti, yana nuna mata yadda ake ba kowane baƙi wurin numfashi. Ajami kuwa a cinyar mahaifiyarta Inna ta koye shi, domin Inna ba ta yi boko ba, amma da ajami take rubuta komai, daga sautun kasuwa har wasiƙar faɗa. Da Motsi ta girma ta samu kwamfuta, sai ta haɗa biyun. Masu irin aikinta da yawa tsoron ajami suke yi, kuma da gaskiyarsu. Boko ana iya watsa shi baƙi-baƙi ya yi tsalle ya dawo, ba abin da zai same shi. Ajami kuwa baƙaƙensa riƙe suke da hannun juna, daga dama zuwa hagu. In ka ce manhaja ta fito da su ɗaya-ɗaya, sai haɗin ya tsinke ko siffar baƙi ta yi ta sauyawa, wasula su kama gabansu. Ita sai ta rubuta layin cikakke, ta lulluɓe shi, sannan ta riƙa yaye lulluɓin daga dama. Tana ji da wannan gwaninta, har ma ji da kanta ya ɗan yi yawa.

Shekara bakwai ke nan da kunnen Inna ya mutu, bayan wani zazzaɓi da ya kusa tafiya da ita. Da baki da hannu da takarda ake magana da ita yanzu. Autanta kuwa, ƙanen Motsi, sai bayan nan ya fara waƙa. Duk layin an san muryarsa, ban da wadda ta haife shi. In jikoki suka nuna mata shi a waya, sai ta ce, "Ga shi nan yana ta buɗe baki kamar kifi." A yi dariya, ita ma ta yi. Amma Motsi ta sha ganin yadda take riƙe wayar bayan kowa ya tashi, kuma abin yana sosa mata rai.

Wata safiya Auta ya hau benen da gudu, ya ajiye mata wata sabuwar waƙa.

"Yaya, wannan ta Inna ce. Ita na yi wa. Ki sa mata ajami, ina so ta ji."

"Ta ji?"

"To, ta gani. Kin dai gane. Amma don Allah ki sa ya yi wuta, irin wanda yara ke so."

Kwana huɗu ta yi a kai. Ta shimfiɗa zanen muryar a fuskar kwamfuta, mai kama da haƙoran zarto, ta dasa alama a farkon kowace kalma. Boko a sama, ajami a ƙasa, kowace kalma tana faɗowa daidai da bugun kiɗa, tana ɓacewa da zarar murya ta wuce ta. Da Auta ya gani sai da ya yi tsalle har mai fotokwafi ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Da la'asar suka kai wa Inna. Ta sa tabarau, ta gyara zama a kan darduma, ta ɗora wayar a cinya. Sai ta miƙa yatsa, domin Inna ba ta taɓa karatu da ido kaɗai ba, sai yatsa ya bi ƙarƙashin layi, leɓe yana motsi. Yatsan ya sauka a kalmar farko, kafin ya kai ta biyu layin ya tafi. Ya bi na gaba, shi ma ya tsere. Ta yi ta farauta har minti huɗu suka ƙare. Sannan ta cire tabarau ta miƙa wayar.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Kala-kala. Allah ya yi albarka."

Auta ya washe baki. Motsi kuwa ta san muryar uwarta. Ta durƙusa ta rubuta a takarda: Me ya ce a waƙar?

Inna ta dube ta, ta dubi Auta, ta yi ƙasa da murya, irin ƙasa da muryar kurma da kowa ke ji. "Ni ban kama ko ɗaya ba, 'yar nan. Sauri suke kamar an biyo su. Amma kar ki gaya masa."

Kunya ta kama Motsi har ta rasa inda za ta sa ido. Shekara goma tana wannan aiki, ashe masu kunne take yi wa, waɗanda rubutun ado ne kawai a wurinsu. Ga wadda rubutun ne kaɗai hanyarta, ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, kuma 'yarta ce ta rufe.

Washegari ta sauka wurin mai fotokwafi ta buga baitocin da ajami, manya-manya, da cikakkun wasula. Ta kai wa Inna layi ɗaya-ɗaya a hargitse, don kada ta cinye daɗin waƙar tun kafin lokaci, ta ce gwajin tabarau ne. Inna tana bi da yatsa, ita tana danna agogon waya. Layin da Auta ke rerawa a sakan uku, yatsan Inna sakan biyar yake ci, wani har shida. Ta rubuta lambar kowane layi a gefensa.

Ta koma ta rushe aikin. Boko ta bar shi a sama ya yi rawarsa, yara su samu abin da suke so. Ajami kuwa ta zaunar da shi wuri ɗaya, babba, fari a kan duhu. Kowane layi yana shigowa cikakke, sakan biyu kafin murya ta iso shi, yana jira a ƙarƙashin wanda ake rerawa. In muryar ta iso, sai launin ruwan zuma ya bi ta kansa daga dama zuwa hagu, ya yi sauri inda Auta ya yi sauri, ya tsaya inda ya ja numfashi. In an gama ma ba ya ɓacewa nan take, sai ya dushe a hankali. Duk inda kiɗa ke tafiya ba murya, nan take samun sararin da yatsa zai cim ma waƙa.

Baiti na uku ne ya gagara. Layi huɗu Auta ya jero a nan ba ko numfashi. Ta lissafa ta sake lissafawa: kowane layi zai bar Inna a baya da sakan biyu, kafin na huɗu ta ɓata gaba ɗaya. Kuma nan ne zuciyar waƙar. Ta kira Auta, ya hau benen ya same ta.

"Sai ka koma ɗakin ɗaukar murya. Ka buɗa tsakanin layukan nan, kiɗa ya ɗan zaga kafin ka shiga na gaba."

"Haba Yaya! Wurin nan ne fa gishirin waƙar. Kowa ya ji sai ya ce a maimaita. Ke dai ki matse rubutun."

"Rubutu yana matsuwa, Malam mawaƙi. Yatsan Inna ne ba ya matsuwa."

"Ai ta ce ya yi kyau."

"Ka ji ta da kunnenka, ka dai yi kamar ba ka ji ba. Wa ka ce ka yi wa waƙar?"

Ta tura masa takardun nan masu lambobi a gefe. Ya daɗe yana duban su, duk da ajaminsa bai wuce na sunansa ba. Sannan ya naɗe su ya sa a aljihu, ya sauka benen a hankali, abin da bai taɓa yi ba. Bayan kwana biyu ya aiko da sabuwar murya. Waƙar ta ƙaru da sakan goma sha biyu, kuma ko Motsi ba ta faɗa masa ba, ta fi ta da daɗi.

Abu ɗaya ta ƙara wanda ba wanda ya sa ta. A ƙarshen amshi Auta yana kiran "Inna" ya ja muryar har sakan huɗu. Sai ta kama sandar da ta haɗa baƙi biyun ƙarshe na kalmar, ta sa ta riƙa miƙewa zuwa hagu muddin muryar tana tafiya, ta tsaya daidai inda numfashinsa ya ƙare.

Wannan karon kwamfutar tafi-da-gidanka suka kai, suka ɗora a kan kujerar tsakar gida. Inna ta sa tabarau tana mita, wai sun mai da ita 'yar makaranta da tsufanta. Layin farko ya shigo ya tsaya. Yatsa ya sauka, ya bi shi har ƙarshe, ya tarar na biyu yana jira. Leɓenta ya fara motsi. Can a baiti na biyu, inda Auta ya ambaci yadda take ɗinke masa aljihun wando duk mako saboda duwatsun da yake tarawa, sai ta yi dariya ta ce, "Ɗan banza, ashe bai manta ba." Baiti na uku ya zo, ta bi layi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsere mata. Ta daina dariya. Motsi ta lura kan Inna yana ɗan rausaya tare da launin, yana tsayawa inda ya tsaya.

Sai amshin ƙarshe. Yatsan ya hau kan sunanta, sandar ta fara miƙewa, yatsan ya bi ta, ya bi ta, har gefen fuskar kwamfutar. Inna ta ɗago.

"Nan jan murya ya yi?"

Motsi ta gyaɗa kai.

"Har nan?"

Ta sake gyaɗawa.

Inna ta juya ta dubi Auta, wanda ke tsugune a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. "Haka yake yi tun yana ƙarami. In ya taso daga makaranta, tun daga bakin layi yake jan ta haka, har sai na amsa." Ta share ido da gefen mayafi, ta mai da yatsa farkon kalmar. "Mai da shi baya, 'yar nan. Ban amsa ba."

Motsi ta mayar. Launin ya taso daga dama, sandar ta miƙe har ƙarshe, Inna ta jira ta tsaya tukuna.

"Na'am, Auta," in ji ta, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji.