Inna a Hagu, Inna a Dama

Sana'ata kwalliyar amare ce da lalle, kuma a Birnin Kudu nake aure. Duk mai irin wannan sana'a a zamanin nan sai ta iya tallata hannunta a waya, don haka na koyi raba allon waya gida biyu. Kafin in taɓa fuskar amarya sai in ɗauke ta bidiyo yadda Allah ya yi ta, in na gama in sake ɗauka. Daga nan in buɗe manhajar haɗa bidiyo, in sa na farko a ƙasa, in ɗora na biyu a kansa, in datse gefen kowanne har ya tsaya a rabin allon. Na da a hagu, na yanzu a dama, suna tafiya tare. Haka kowa yake yi, haka na tarar, ban taɓa tambayar dalili ba. Na sha yin dariya ni kaɗai in na ga wata amaryar a dama, in ce anya ango zai gane ta da safe kuwa.

Wannan ɗan ilimin ne na ɗauka na yi aiki da shi lokacin ciwon Inna, mahaifiyata.

Da kaka aka kawo ta daga Farin Dutse, ƙauyenmu da ke ƙasar Gwaram. Ciwon ciki ne da ta daɗe tana ɓoyewa, sai da ya kayar da ita aka sani. A kwance aka sa ta a mota, ko kai ba ta iya ɗagawa. Baba ya rako ta har bakin titi ya tsaya, saboda riɗinsa ya isa yanka. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jiran kowa. In ka yi masa jinkiri sai ya fashe ya zube a gona, wahalar damina guda ta zama abincin tsuntsu. Ya ce da direban ya bi a hankali, ya ce da matar wana da ta rako ta a gaya min in kula da uwata. Wannan ne ganinsa da ita na ƙarshe, tana kwance.

Da aka kwantar da ita a asibiti aka sa mata ruwa da allurai, sai ga Inna ta farfaɗo. Ta tashi zaune, ta nemi kunu, ta fara yi wa matan ɗakin tsiya. Wata safiya na ɗauke ta a waya tana riƙe da kofi tana kushe kununa, wai na tsinka shi kamar ruwan wanke hannu, tana dariya har ɗankwalinta na zamewa. Na yi niyyar tura wa Baba, hidima ta ɗauke min hankali, na ce ai gida za mu koma ya gan ta da idonsa.

Ashe ɗagawar ta ɗan lokaci ce. Jikin ya sake rikicewa, ta daina cin abinci, idanunta suka yi zuru-zuru. Likitan ya ja ni gefe ya yi min bayani a hankali, ya ƙare da cewa duk wanda ya kamata ya zo, to ya zo.

Kullum da yamma Baba yakan kira. Ba ya kiran sunanta, bai taɓa ba a gabanmu.

“Ya jikin uwar taku?”

“Da sauƙi, Baba.”

Me zan ce? A wajenmu ko mutum na gargara, amsar ke nan. Ga shi ni ce ta fari a 'ya'yansa mata, tsakanina da Baba akwai kunya mai nauyi, ko ido ba ma haɗawa sosai. Na sha shirya maganar a bakina, da na ji muryarsa sai ta narke. Wani lokaci in kara wa Inna wayar a kunne, ita ma ta tattaro ɗan ƙarfinta ta ce, “Da sauƙi, Malam. Ya aikin?” In ya kashe sai ta harare ni.

“Kada ki kuskura ki tayar masa da hankali. Bari ya gama da riɗin nan.”

Haushinsu duka biyun ya kama ni. Ita tana mutuwa tana lissafin riɗi, shi yana jin muryarta na shaƙewa amma ya yarda da sauƙin da ake gaya masa. Ran nan da ya kira ya ce, “In kin ga ana bukatata ki faɗa, sai in bar aikin in taho,” na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, “To, Baba.”

Sai dabara ta zo min. Abin da baki ya kasa, bari ido ya gani. Na taɓa saya wa Baba babbar waya don sauraron karatu, kuma na koya masa buɗe saƙo da tura murya. Da Inna ta samu barci da rana na ɗauke ta, tana kwance, baki a ɗan buɗe, ƙashin wuyanta duk a waje. Na fita baranda na zauna a kan benci na haɗa bidiyon biyu. Mai kunu da dariya a hagu, mai kwance a dama. Gado ɗaya, bango ɗaya, har zanin rufa ɗaya ne. Na dariyar ya fi tsawo, sai na datse shi don su ƙare tare, kada rabin allon ya koma baƙi. Da na kunna, sautin biyun ya hau juna, dariyarta da numfashinta mai gurnani. Na kasa jurewa, na kashe sautin na dama na bar dariyar. A saman hagu na rubuta “DA”, a saman dama na rubuta “YANZU”. Na tura, na zauna ina jiran a ce min gobe yana hanya.

Bayan la'asar saƙon muryarsa ya shigo. Har yau yana cikin wayata.

“Na gani, na gani. Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka. To bari in ƙarasa yankan, in mun ɗaure mun jingine shi sai in taho.”

Na saurara sau biyu, ban yarda da kunnena ba. Alhamdu lillahi? Mutum ya ga matarsa ta koma ƙashi da fata ya ce a bari ya jingine riɗi? Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ce lallai maza ba su da ta ido, shekarun da ta yi tana surfe da daka a gidansa ba su kai damin riɗi ba. Da ya kira da yamma na miƙa wa matar wana wayar, na ce ta ce ina wajen karɓo magani. Washegari ma haka. Ita kuwa da ya tambaye ta jiki, abin da kowa yake cewa ta ce masa.

Inna ta tambaye ni sau ɗaya, ido a rufe, ko Malam ya ce yaushe zai zo. Na ce yana nan tafe. Ta ce, “To, ya gama dai tukuna.” Da hantsi ta cika, ranar wata Laraba, hannunta a cikin nawa.

A mota muka mayar da ita Farin Dutse, a kwance kamar yadda ta taho. Muna shiga gari na hango riɗin Baba a gona, an ɗaure an jingine dami-dami yana shan rana. Na kawar da kai. Baba na tsaye a ƙofar gida, ya rame a tsaye, yana ta maimaita wa masu kama gawar, “Ai ta samu sauƙi. Ai har kunu take sha.” Na ɗauka ruɗewa ce.

Har aka yi sadakar uku ban yi masa magana ba bayan gaisuwa. Da mutane suka ragu ya aiko a kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, allunansa na jingine a bango, wayar na hannunsa. Na durƙusa daga gefe.

“Ke, ina so in tambaye ki. Bayan ta tashi ɗin nan, me ya sake faruwa? Ba wanda ya gaya min ciwon ya dawo.”

“Baba, ai na turo maka.”

“Kin turo min ta warke.”

Ya kunna bidiyon. Dariyar Inna ta cika zauren. Ya ɗora yatsa a dama, inda take kwance.

“Ga ta nan yadda aka tafi da ita.” Ya ja yatsan zuwa hagu. “Ga ta nan ta tashi tana shan kunu.”

Na bi yatsan da kallo, daga dama zuwa hagu, yadda yake bin layi a allo tun ina yarinya ina leƙensa. Baba bai yi boko ba. Duk abin da ya taɓa karantawa a duniya, Alƙur'ani ne ko wasiƙar ajami, daga dama yake farawa. Rubutun da na ɗora a sama kuwa, a wajensa ado ne irin na waya. Ga shi a kwance ya rabu da ita, ga muryarta tana dariya, ga mu kullum muna ce masa da sauƙi. Ta ina zai gane?

Na ce, “Baba, daga hagu ake farawa. Wannan ta dariyar ita ce ta farko. Ta kwancen ita ce ranar da na turo.”

Ya daɗe yana kallon allon. Bidiyon ya ƙare, ya sake kunnawa, wannan karon ya sa yatsa a hagu ya ja zuwa dama a hankali, kamar mai koyon baƙi. Yatsan ya tsaya a kan fuskarta.

“Kenan kirana kika yi.”

“E, Baba.”

“Ni kuma na ce Alhamdu lillahi.”

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ran nan. Bai share ba, ya bar su suna bin gemunsa. Ya ce ranar da saƙon ya zo har goro ya saya ya raba a masallaci, ya ce a taya shi godiya. Ni kuma da na kwana biyu ina ƙullace da shi, na rasa inda zan sa kaina. Tausayinsa ya kama ni.

Riɗin ya yi kyau a shekarar. Wana ne ya kaɗe shi ya kai kasuwa, Baba ko gonar bai sake takawa ba sai da wata damina ta zagayo. Ni ma na koma kwalliyata, ina ta raba allo gida biyu, don abincina ke nan. Amma yanzu duk amaryar da na haɗa, idona kan fara faɗawa dama, in ga kwalliya tana gogewa tana komawa fuskar jiya.

Da na je gida da azumi na tarar har yanzu bidiyon na wayarsa, matar wana ta ce kusan kullum sai ta jiyo dariyar Inna daga zaure. Na zauna kusa da shi na ce ya kawo in gyara masa. Aiki ne na ɗan lokaci, in mayar da ta dariyar dama, ta kwancen hagu, yadda zai karanta shi daidai da yadda abin ya faru.

Ya janye wayar ya sa a aljihu.

“A'a, bar min shi haka. A nan kullum tana tashi.”