Na Ashirin da Bakwai a Aji

Ƙanin mijina kafinta ne. Tun da Allah Ya yi wa yayansa rasuwa nake zaune a ɗakin baya na gidansa, bai taɓa bari na nemi wani abu na rasa ba. Mutum ne da ba ya yarda da ido, komai sai ya sa tef ya auna, fensir kullum a bayan kunne. Shi kansa daga firamare aka kai shi shago, ya kan ce bai yi asarar komai ba. Amma ranar ba da sakamakon makaranta ba ya iya cin abincin rana.

Ɗansa namiji ɗaya ne, muna ce masa Dogo, yana aji biyu a sakandare. Uban gurbi ɗaya yake dubawa a katin sakamako, wato na nawa yaro ya zo. Wancan zangon Dogo ya zo na shida. Da maƙwabtansa na layin kafintoci suka tsokane shi cewa sa'a ce, sai ya rantse da Allah a gabansu: ranar da yaron ya wuce na goma, zai cire shi daga makaranta ya ba shi zarto.

Wannan karon Dogo ya shigo ko sallama bai yi da ƙarfi ba, ya ajiye wa uwarsa katin a kan keken ɗinki, ya wuce ɗaki. Ita ta yi sakandare, tana jin Turanci. Ta duba, ta kife katin.

Ta ce, "Yaya, na ashirin da bakwai cikin arba'in."

Na ce, "Innalillahi. To karanta sauran mana."

Ta bi layi-layi da yatsa. Kowane darasi akwai makin gwajin aji, da na jarrabawa, a haɗa su bisa ɗari, a sa harafi a gefe. A ƙasan katin an jera ma'auni: saba'in zuwa sama A, sittin B, hamsin C, ƙasa da arba'in faɗuwa. Babu jan biro ko ɗaya. Lissafi da ya ci C a baya, yanzu B ne. Matsakaicin makinsa ya tashi daga hamsin da takwas zuwa sittin da huɗu.

Ni dai na lura tun farkon zango sunayen abokan da yake ambata sun canza. Bayanin malamar aji ya warware mini. Ta rubuta cewa an ɗauko shi ne daga tsohon ajinsa aka haɗa shi da waɗanda suka fi ƙoƙari, yana kamo su a hankali, a ƙarfafa masa gwiwa. Shugaban makaranta kuwa cewa ya yi, "Zai iya fin haka."

Bayan la'asar uban ya dawo, garin katako a gashinsa. Bai tambaya ba, hannu kawai ya miƙa. Idonsa ya faɗa gurbin da ya saba, ya daɗe a wurin.

Matar ta ce, "Maigida, makinsa ƙaruwa ya yi. Aji aka canza masa."

Ya zauna a bakin ƙofa, ya zaro fensir, ya sa aka kawo tsohon katin. Ya jera su biyu a kan gwiwa, ya tara makin da kansa. Ba na shakka ya gane, don na ga kafaɗarsa ta sauka.

Ya ce, "Shi babban nasu me ya ce?"

Ta faɗa masa.

"Kin ji ko. Zai iya, bai yi ba."

Ta ce, "Haba, wannan ai kusan kowa yake rubuta wa! Har ɗiyar mai shagon magani da ta zo ta uku."

Ban cika sa baki ba, amma na ce, "Ƙanina, rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, Allah Ya yafe. Ni zan dafa."

Ya ce, "Yaya, na sani. Su kuma mutanen layi me zan ciyar da su? In ce musu na ashirin da bakwai ya fi na shida? Har na mutu suna yi mini dariya."

Duk hutun bai sake ɗaga maganar ba, kuma bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da mun samu inda za mu kama. Matar ta roƙe shi ya je ya ga malamar, ya ce zai duba. Na ga ya sayo ƙananan takalman roba masu rufe yatsu, irin na shago, ya tura su ƙarƙashin gado.

Safiyar komawa makaranta uwar ta goge wa Dogo kayansa, ya sa, ya ɗauki jaka. Uban yana tsakar gida yana ɗaure katako a bayan babur. Bai ɗago kai ba ya ce, "Cire farar rigar nan, za ta yi datti."

Yaron ya dubi uwarsa, ya dube ni. Sannan ya fara ɓalle maɓalli.