Hannun Inde a Hoto

Duk wanda ya rufe ƙwaryar fura a Madarumfa ya san faifan Inde. Tun tana yarinya take saƙa da kaba, har yatsunta suka yi kanta, basilla kuma ta bar mata tabo a babban yatsa. Ba ta taɓa jin kunyar hannun nan ba, da shi ta ciyar da gida.

Sai ga Sadiya, 'yar ƙanenta da ta goya a baya, ta buɗe sana'ar sabulu da man kaɗe a Maraɗi, tana talla a waya. Ta zo neman hoto. Aka shimfiɗa faifai a tsakar gida, aka jera sabulu da ludayi da ganyen zogale, aka ɗaura farin zane sama don ya tare rana, inuwar kayan ta yi laushi. Sadiya ta hau turmi ta ɗauki hoton daga sama, hannun Inde na riƙe da bakin faifan. Ta yi alkawarin duk inda hoton ya je, hannun nan zai je, duniya ta san mai aikin. Inde kuwa, da ba ta iya riƙe daɗi a ciki, ta bi unguwa tana shela.

Bayan damina Sadiya ta dawo, ba ta nemi turmi ba. Da murnarta ta bayyana cewa yanzu wata manhaja ta cikin waya ke zana mata hoto. Ta ba ta tsohon hoton a matsayin samfuri, sauran kuma rubutawa take: a kalli kaya daga sama tsaye, sabulu a tsakiya, haske mai laushi daga hagu, inuwa kaɗan, a bar fili don suna. Abin da bai yi mata ba, ta sake kalma, hoto ya sake.

Inde ta karɓi wayar. Faifanta ne, da jan zobensa. Amma hannun da ke riƙe da shi sumul yake, ya sha lalle, ba tabo.

"Wannan hannun wa?"

"Ba na kowa ba ne, Gwaggo. Na rubuta mata hannun budurwa, mai santsi. Masu saye sun fi son haka."

Ashe ba kuskuren na'ura ba ne. Yarinyar ce da kanta ta zauna, ta dubi hannun da ya yi mata wanka, ta zaɓi kalmomin cire shi. Zuciyar Inde ta yi baƙi ƙirin, ta miƙa mata wayar.

Ranar kasuwa, Asabe maƙwabciyarta, wadda ta fi kowa shan shelar, ta tare ta da hoton a wayar ɗanta.

"Inde, wace yarinya ce wannan da ta kamo ki a saƙa?"

Inde ta tura hannunta cikin mayafi, ta ce ba ta san ta ba.