Yadda Aka Ƙirga Shekarun Goggo

A layinsu Likita ake kiranta, ko da yake ta gaji da gaya wa mutane cewa ita awon jini kawai take yi. A gida kuwa Goggo ce, domin 'ya'yan yayanta uku a hannunta suka tashi. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma tana da hannu: yaro yana cikin kallon fuskarta ta riga ta sami jijiya, ta ɗebi jinin, ta danna auduga.

Ba ta yi karatun da wuri ba. Sai da aurenta ya mutu ta koma makaranta, ta fito da difloma a fannin awo. Ta yi sa'a wani shirin binciken zazzaɓi ya ɗauke ta kwantiragi, safe zuwa yamma, shekara biyu cur. Ana gab da sabunta mata matar yayanta ta rasu, ta bar jariri da ɗan shekara biyar da babbarsu, 'yar sha huɗu, wadda kowa ke kira Babba. Yayan nata direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Ba wanda ya roƙi Goggo. Ita ta kwaso kayanta ta dawo gidan, ta nemi aikin rabin yini a wani ƙaramin asibiti, daga takwas zuwa sha biyu, don ta riga yara isowa gida. Shekara shida tana haka. A huɗu daga cikinsu, ranar Asabar takan je ɗakin awon wani mutum da ake kira Mai Gilashi idan ya kira ta. Da yaran suka yi wayo ta koma bin kwantiragi, a ba ta wata shida, ta zauna wata shida, a sake kiranta, shekara uku ke nan.

Babba kuwa ta gama karatu ta sami aiki a ofishin ma'aikata na wani babban asibiti, ita ce ƙarama a ofishin, mai karɓar takardu da jera su. A wannan asibitin aka fitar da sanarwar neman babban ma'aikacin ɗakin awo, aikin dindindin, da sharaɗin shekara bakwai na cikakken aiki ko daidai da haka. Goggo ta zauna a bakin gado ta haɗa nata: biyu, da shida, da huɗu, da ukun ƙarshe. Sha biyar. Ta rubuta ta miƙa. Da yayanta ya dawo daga tafiya ta gaya masa, ya gaya wa maƙwabci, kafin kwana biyu matan layi sun fara yi mata murna.

"Bakwai suke nema, ke kina da ninki har da gyara," in ji yayan. "Ga 'yarki a ciki. Me ya rage?"

Amma tun ranar da Babba ta ga sunan ta sanar da shugabar ofishinsu cewa goggonta ce, aka cire hannunta daga takardun wannan gurbin gaba ɗaya.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayar Goggo cewa ba ta cika sharaɗin shekaru ba. Tana tsaye a kicin ta karanta, ta sake karantawa. Babba tana shigowa daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba, Goggo ta miƙa mata wayar.

"Mene ne wannan?"

"Goggo, ba ni na duba ba. An hana ni taɓawa."

"An hana ki, ko kin hana kanki? Kina zaune a ofishin za a ce ban kai shekara bakwai ba? Ni?"

"Akwai yadda ake lissafin, Goggo. Da kin nuna mini kafin ki miƙa..."

"Au, ke za ki koya mini lissafi. Wa ya zauna da ku? Da na bi aikina na bar ku, yau wa zai tambaye ni shekara? Ni na ajiye komai na riƙe ku, yanzu kin samu kujera kin manta."

A shekara tara ba ta taɓa yi musu gori ba, ko da wasa. Ƙannen biyu suna falo sun ji. Babba ta ajiye wayar a kan tebur a hankali, ta ce, "Ki yi haƙuri, Goggo," ta shige ɗaki.

Washegari Goggo ta sa mayafinta mai kyau ta tafi asibitin neman bayani. Ofishin ɗaki ne mai tebur huɗu da fanka mai ƙara. Babba tana teburin bakin ƙofa. Ta miƙe ta gaishe ta kamar baƙuwa, ta nuna mata ƙofar ciki. Shugabar mace ce mai sanyin murya, kusan sa'arta. Ta ba ta kujera, ta buɗe fayil.

"Yaushe kika karɓi difloma, Malama?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan."

"To kin ga a nan kin rubuta sha biyar."

Sai a lokacin Goggo ta ga abin yadda wani zai gan shi.

"Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba."

"Na sani. Mutane da yawa haka suke haɗawa. Amma shekara ɗaya ba ta zama biyu don mutum ya yi aiki wuri biyu a cikinta." Ta juyo da takardar. "A wurinmu cikakken aiki awa arba'in ne a mako. Kwantiraginki na farko cikakke ne, mun ba ki shekara biyunki, ba ruwanmu da cewa kwantiragi ne. Na ƙaramin asibitin awa ashirin ne, rabi ke nan, shida ta koma uku. Na ƙarshen nan watannin da kika yi aiki muka ɗauka, ban da na zaman jira, ya ba da ɗaya da rabi. Shida da rabi."

"Na Asabar ɗin fa?"

"Zai iya shiga, tunda aikinki na safe rabi ne, akwai gurbin ƙara awoyi a kai muddin ba su wuce arba'in ba. Amma ba ki kawo shaida ba. Ba takarda, ba lambar wanda za mu kira. In kin kawo kafin Juma'a, zan sake dubawa."

Ƙofar a buɗe take duk tsawon maganar. Da Goggo ta fito, ma'aikatan sun duƙufa a kan kwamfutocinsu fiye da kima. Ba ta iya kallon teburin bakin ƙofa ba. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A mota ta tuna kalmomin jiya ɗaya bayan ɗaya, har ta wuce inda za ta sauka.

Mai Gilashi ya daɗe da rufe ɗakin awonsa. Sai da ta tambayi mutum uku kafin ta same shi a bayan kasuwa, yana sayar da kujerun roba da katifu. Ya yi ƙiba, gilashin ya ƙara kauri. Ya gane ta nan take.

"Mai hannun zinariya! Ashe kina nan?"

Ta yi ta kewaye-kewaye, gaisuwar iyali, gaisuwar kasuwa, kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya yi dariya ya jawo takarda.

"Wannan ne kawai? Zan rubuta shekara huɗu, kullum, safe da yamma. Har hatimina yana nan a gida. Wa zai bincika?"

Ta yi shiru fiye da yadda ya kamata. Daga baya wannan shirun ya fi komai damunta, domin ta san a cikinsa ta auna abin, ta ga zai rufe bakin kowa. Sai ta tuna takardar ƙaramin asibitin tana cikin fayil ɗin, ta nuna inda take kowace safiya. Ba ta iya rantsewa wanne ya hana ta ba, tsoron Allah ko tsoron a kama ta.

"A'a, Maigida. Asabar kawai, awa takwas. Kuma ba kowace ba."

"Ke dai ba ki canza ba. To sau nawa a wata?"

"Kamar uku."

"Haka ne, ranar da ɗan ƙaramin nan ba shi da lafiya ba kya zuwa." Ya rubuta, ya sa hannu da lambar wayarsa, ya ce ta dawo gobe ya buga hatimi. Har ya so ya ba ta kujera ɗaya kyauta, ta ƙi.

Shugabar ta kira shi ta tabbatar, ta lissafa awoyin suka ba da kimanin wata bakwai. Da ƙyar Goggo ta haye. Aka sa ta cikin masu ganawar ɗaukar aiki, ta je, ta amsa abin da ta sani. Da aka zo tambayoyin shugabantar ma'aikata da tsara jadawalin aiki sai ta riƙa in-ina, domin ba ta taɓa daɗewa a wuri ɗaya har a ba ta wani ta jagoranta ba. Wani mutum da ya shekara tara a asibiti ɗaya aka ɗauka.

Matan layi suka ci gaba da tambaya. Ta fara bi ta bayan gida in za ta fita. Yayanta ya ce ai zalunci ne, sha biyar ba wasa ba, sai ta ce masa, "Yaya, ba sha biyar ba ne. Ni na yi kuskure." Ya kalle ta bai gane ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Tsakaninta da Babba kuwa gaisuwa ce kawai, kusan wata guda. Yarinyar tana yi mata komai kamar da, har ta fi da, wannan ne ma ya fi ciwo. Wata Lahadi da hantsi Babba tana guga a tsakar gida, Goggo ta zo ta zauna a kan bokiti kife, ta ɗauki riga tana ninkewa ba a sa ta ba.

"Maganar da na faɗa rannan," ta ce, idonta a kan rigar. "Ba haka take a zuciyata ba. Ba wanda ya sa ni dole. Ki yafe mini."

Babba ta tsayar da dutsen guga. "Goggo, don Allah ki daina. Ni ce na kasa haɗa ido da ke. Ina jin Madam tana cewa shida ta koma uku, na ce ukun nan da aka zare ai mu muka cinye su."

"Ku kuka cinye, da cokali ko da hannu?"

Dariya ta ƙwace wa Babba tare da hawaye. Goggo ta ce ta kula, za ta ƙona wa ubanta riga.

Bayan wata huɗu wani asibiti ya nemi ma'aikacin awo, ba babba ba, shekara biyar suke so. A wannan karon Goggo ta kawo takardunta falo, ta ce Babba ta zauna su rubuta tare, kowane aiki da watan farawa da na gamawa da awoyinsa a mako. Sun ɗauke ta. Tana can yanzu, ɗaki na biyu bayan wurin karɓar kati, kuma ma'aikatan jinya sun riga sun gano cewa in ɗibar jinin jariri ta gagara, ita ake kira.