Kuɗin Buhu Ashirin

Ranar an kwana ana ruwa, kwatar gaban gidan burodin ƙanwata ta cika ta tumbatsa. Shekara talatin tana gashi a wurin. Mace ce da ko ni, yayanta, na ba ta canji sai ta ƙirga.

Ina zaune bakin tanda ina jin ɗumi sai ga ɗan dillalin fulawa. Ubansa ya rasu, shi ya gaji shagon da littafin bashi. Ya ce kuɗin buhu hamsin yake bin ta, in ba ta biya ba zai kai ƙara a sayar da injin kwaɓinta. Ita ta ce yawancin buhunan jiƙaƙƙu ne, ta mayar tun marigayin na raye, sai dai ba takarda.

Sai ya sassauta murya yana murmushi. "Mama, kawo abin da ya sawwaƙa yau. Ki rubuta a yafe miki sauran, shi ke nan."

"Murmushin nan ya yi yawa," in ji ta bayan ya fita.

Kuɗin buhu ashirin ta iya haɗawa. Na ce ta rubuta da ladabi, ta roƙi yafiyar sauran. Haka muka taso. Ta harare ni.

"Yaya, in na ce a yafe saura, ai na yarda akwai saura. Ya karɓe ashirin, gobe ya dawo da takardata yana neman talatin."

Ta kira 'yarta da ke buga takardu a ofishin lauya. Suka zauna kan teburin murza ƙullu, 'yar na rubutu, uwar na sa a goge. Aka cire "bashin da kake bi na", aka sa "kuɗin da kake da'awa". Aka rubuta cewa ba ta amince da lissafinsa ba, tayin sulhu ne kawai, ba amsa bashi ba. Biya ɗaya ne, in ya karɓa magana ta mutu gaba ɗaya. Yana da kwana goma sha huɗu, kuma ba za ta biya komai ba sai ya sa hannu. Lauyan ya duba kafin a aika.

Kwana uku sai ga ɗan dillalin. "Mama, ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai, ɗana. Biro na nan."

Ya ce ta fara ba da rabi. Ta ƙi. Ya tafi yana ƙunƙuni, ni kuwa na fara kallon injin kamar ana ban kwana.

Rana ta goma sha uku ya dawo ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Ta biya ta banki, ta karɓi rasit.

Yanzu gwiwa ta zaunar da ita, ma'aikata ke gashin. Injin na aiki. Takardar na cikin leda a ƙasan akwatinta, ni ma ba ta bari in taɓa.