Kalmar da Aƙilu Ya Hana Kowa

Duk wanda ya yi aiki da Malam Aƙilu Maska a gidan jaridar nan ta mako-mako da ke Zariya, a shekarun da aka samu mulkin kai, zai gaya maka mutumin marowaci ne. Ba rowar abinci ba, don kwanonsa na kowa ne. Rowar haruffa yake yi. Aikinsa rubuta kanun labarai, a zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Dalma kuwa ba ta jin lallashi. In layi ya cika ya cika, ko Edita ne ya zo da kansa ba zai tura harafi guda a ciki ba.

Babu kalmar da ta sha wuya a hannunsa kamar "muhimmi". Masu kawo rahoto suna sonta kamar me: muhimmin taro, muhimmin baƙo, muhimmiyar ziyara. Shi kuwa da ya gan ta sai ya ja tsaki. Harafin "m" faɗi gare shi, yana cin gurbin harafi ɗaya da rabi, ga shi har uku a kalma ɗaya. Sai ya soke ta, ya ɗauko ƙannenta. Taro da baƙo ya ba su "babban". Ɗan siyasa ya zama "jigo", na kusa da gwamnati ya zama "ƙusa", in suna da yawa ya tattara su ya ce "manya". In ko ɗaya ba ta shiga ba, ya bar labarin haka nan, ya ce girman haruffan ya isa ya faɗa.

Aƙilu bai zo Zariya da ƙafarsa kawai ba. Lokacin da aka zo Maska neman yaro ɗaya daga gidansu don makaranta, mahaifinsu ya riga ya rasu. Yayansa Shitu ne ya ce a tafi da ƙaramin, shi zai riƙe gonar. Ya riƙe ta kuwa, 'yar gonar auduga da dawa, ya ci da uwarsu da ita, ya aurar da ƙannensu mata, ya yi wa Aƙilu aure. Shitu bai taɓa iya karanta ko harafi ɗaya na boko ba, amma duk zuwan Aƙilu gida sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya ce a karanta masa kanu. Ya yi ta dariya.

"Wannan jigon naka, ba shi ne ƙusa wancan watan ba?"

"Shi ne, Yaya. Gurbin ne ya canza."

"Oho! Ashe girman mutum a wurinku da awo ne, kamar yadi. To ni wacce za ka ba ni, ranar da na shiga jarida?"

Aƙilu ya yi masa bayanin kalmar da duk sauran ke wakilta, wadda bai taɓa bari ta hau kanu ba. Ya ce, "Ita na ajiye maka, Yaya. Cikakkiya, ba yanka." Da wasa aka fara, amma Shitu ya riƙe maganar. Ko a kasuwar Funtuwa suka haɗu da abokansa, sai ya nuna ƙanen ya ce, "Akwai kalmata a wurinsa, ya hana ministoci."

Wata damina aka aiko cewa Shitu ba shi da lafiya. Aƙilu ya ce bari a fitar da jaridar makon. Ya isa Maska ya tarar an dawo daga maƙabarta. Wannan abu bai bar zuciyarsa ba har ya mutu.

Da ya koma aiki bayan sadakar bakwai, Edita ya yi masa kara. Talakan manomi ba ya shiga jarida, amma aka ba shi ɗan gurbi a ƙasan shafin baya, siriri, kanu layi biyu. Aƙilu ya rubuta labarin, ya tsaya gaban akwatin haruffa tare da Mudi, tsohon mai jera dalma, wanda suka tsufa tare a ɗakin.

"Muhimmin Manomi Shitu Ya Rasu," in ji Aƙilu.

Mudi ya jera kalmar farko, ya dube shi. Ita kaɗai ta kusa cinye layin. Saura layi guda, ga suna ga rasuwa, ba za su zauna tare ba.

"A ƙara layi, Malam?"

Aƙilu ya auna. Layi ɗaya na manyan haruffa zai cinye uku na labarin, wato sunayen 'ya'yan da ya bari da addu'ar ƙarshe. Ko an yi hakan ma, ita kalmar, da "manomi", da rasuwar za su cika layi ukun kanun, sunan ya rasa wuri. Aka gwada ƙananan haruffa, kanun ya ɓace cikin labarin kamar ba kanu ba.

Mudi ya sassauta murya. "Jigo Shitu, Ya Rasu. Ga shi ya zauna daram."

Kanun ya zauna kuwa. Amma a saman shafin nan, da hannun Aƙilu, akwai wani jigon jam'iyya da ya sauya sheƙa karo na biyu. Kalmar da Shitu ya fi yi wa dariya kenan. "Ƙusa" ta 'yan gwamnati ce, Shitu ko ofishin hakimi ba ya son shiga. "Babban Manomi" kuwa ya yi wa layin yawa, kuma a Maska mai garken shanu da gandu ake kira haka, mutane za su ce ƙanen ya yi wa mamaci ƙarya. Shekara da shekaru yana raba waɗannan kalmomi kamar goro, ranar nan ya ga duk sun tsufa a hannunsa, babu wadda zai iya ɗora wa yayansa.

Injin buga jarida yana jira. Ya ce, "Mayar da su, Mudi. Sa sunansa kawai."

Aka buga: Shitu Maska, a ƙasa, Ya Rasu.

Ranar sadakar arba'in ya kai jaridar gida. Kulu, matar marigayin, tana takaba. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, suka gaisa, ya miƙa mata shafin. Ita ma ba ta karatu. Ta bi manyan haruffan da yatsa a hankali.

"Malam, wacce ce a ciki?"

Ya gane abin da take nufi. Da ya nuna mata kowacce, da ta yarda.

"Wannan sunansa ne, Yaya Kulu. Wannan garinmu. Wannan rasuwar."

"Kalmar tasa fa?"

"Ba ta shiga ba."

Ta ninke jaridar ta ɗora a cinya.

"Yayanka ya faɗa. Yana kwance yana dariya, ya ce ya san halin dalmar nan taku. Ya so ka iso ya ji ta a bakinka, ko sau ɗaya. Da ya ga ba za ka riske shi ba, ya ce in ka zo ka faɗa mini, in riƙe masa."

Aƙilu ya buɗe baki. A nan babu gurbi, babu awo, babu injin da ke jira. Ya fara, "Yaya Shitu muhim…" sai muryar ta tsinke. Ya sake gwadawa, ta sake tsinkewa a wuri guda. Ya kifa fuska a hannun rigarsa, dattijo da furfurarsa, yana kuka kamar ranar da aka raba shi da gida aka kai shi makaranta.

Kulu ba ta katse shi ba. Ta gyara zama, ta ce, "Ina jira, Malam. Ba inda za ni."